Daga "Taimakon Marayu da Mabuƙata" Zuwa Yara 24: Yadda Muka Mayar da Manufarmu Alkawari



Kusan duk wata ƙaramar ƙungiyar taimako a Maiduguri, daga Gwange zuwa Hausari, daga Gamboru zuwa Bulumkutu, in ka buɗe kundin tsarinta za ka tarar da jimla iri ɗaya: taimaka wa marayu, zawarawa da mabuƙata, da inganta rayuwar al'umma. Tamu ma haka take. Jimlar ba ta da laifi. Lokacin da za a yi wa ƙungiya rajista a hukumar CAC ana buƙatar a rubuta manufofinta, kuma lauyoyi kan ba da shawarar a faɗaɗa su, don kada gobe ƙungiya ta so haƙa rijiya a ce takardarta ba ta ba ta dama ba. Wannan jimla ta rajista ce, a can take da amfani.

Matsalar tana tasowa ne idan uwar marayu ta tsaya a ƙofar ofis ta ce, "To ni me zan samu, kuma yaushe?" Ko ɗan kasuwar da ake neman gudummawarsa ya ce, "Kuɗin nan me za su yi?" A nan jimlar rajista ba ta da amsa. Ba wanda zai iya cewa mun saɓa ta, domin ko buhun shinkafa ɗaya muka raba a shekara mun taimaki mabuƙata. Maganar da ba za a iya kama mutum da saɓa ta ba kuwa, ba alkawari ba ce. Fata ce kawai.

Mutanen garin nan sun ji fata iri-iri. Tun daga rikicin 2009 ake ɗaukar sunayensu a takardu, wasu an dawo musu, wasu har yau shiru. Da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya mamaye unguwanni kamar yadda ya taɓa yi a 1994, an sake zagayawa da takardu ana rubuta sunaye. Don haka idan mai ƙaramin ƙarfi a Maiduguri bai yi saurin gaskata ƙungiya ba, ba taurin kai ba ne. Gani ya kori ji. Abin da muke so mu ba ku labari shi ne yadda muka zauna muka fitar da alkawari ɗaya tak daga cikin waccan faffaɗar jimla, mai adadi, mai rana, wanda kowa zai iya tuhumarmu a kansa.

Darasin da ke cikin garinmu

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A 2007 Barista Zannah Mustapha ya buɗe makarantar Future Prowess a nan Maiduguri da yara 36. Bai ce zai magance maraici a Borno ba. Abin da yaro zai samu a wurinsa abu ne da ake ƙirgawa da yatsu: karatu kyauta, kayan makaranta, abinci, da kula da lafiya. Da rikici ya yi tsanani, ya tsaya a kan ƙa'ida ɗaya mai nauyi: makarantar za ta karɓi 'ya'yan waɗanda aka kashe daga kowane ɓangare, ɗan jami'in tsaro da ɗan mai tayar da ƙayar baya su zauna aji ɗaya. Zuwa 2017, shekarar da Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen, ɗaliban makarantar sun kai 540.

Abin da muka ɗauka daga wannan ba lambar yabon ba ce, 36 ɗin ne. Ya fara da adadin da zai iya riƙewa, ya faɗi abin da kowane yaro zai samu, ya faɗi wa zai shiga. Uwa tana iya duba ɗanta da yamma ta san ko an cika ko ba a cika ba: ya ci abinci ko bai ci ba, yana da riga ko ba shi da ita. Amanar da mutane suka ba shi daga baya, a kan irin waɗannan ƙananan abubuwa ta ginu.

Mun fara da littafin ma'aji

Da muka zauna, ba da tambayar "me al'umma ke buƙata" muka fara ba. Wannan tambaya ba ta da iyaka, duk amsar da aka bayar daidai ce, kuma a ƙarshenta jimlar rajista za a sake komawa. Mun fara da tambayar "nawa ne ke shigo mana wanda ba ya yankewa?"

Sunaye 60 ne a rajistar mambobinmu, kowa naira 2,000 a wata. A takarda wannan naira miliyan 1 da dubu 440 ne a shekara. Amma ma'aji ya buɗe littafi wata-wata na shekarar da ta gabata, aka ga waɗanda ba sa fashin biya mutum 45 ne. Su muka lissafa: naira 90,000 a wata, miliyan 1 da dubu 80 a shekara. Ba mu sa gudummawar watan azumi a ciki ba, ba mu sa abin da 'yan uwanmu na Kano da Abuja kan turo ba, ba mu sa alkawarin wani mai hali da ya ce zai duba ba. Waɗannan duk alheri ne, amma wata shekara su zo da yawa, wata shekara su zo kaɗan. Kowa a garin nan ya ga abin da ya faru a farkon 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje, manyan ayyukan agaji suka tsaya a Borno. In manya sun girgiza don kuɗin da ba a hannunsu yake ba, ina ga mu?

Daga miliyan 1 da dubu 80 ɗin muka ware kashi ɗaya cikin biyar, wato naira 216,000. Wannan na kuɗin keke napep ɗin masu ziyara ne, da buga takardu, da cajin banki, da kuma tashin farashi tsakanin ranar lissafi da ranar sayayya. Abin da ya rage naira 864,000. Wannan shi ne girman bakinmu. Duk alkawarin da ya fi shi, da kuɗin da ba mu da shi muka yi shi.

Aiki ɗaya, da farashinsa

A cikin abubuwan da jimlarmu ta ƙunsa akwai abinci, jari, magani, karatu. Mun zaɓi riƙe marayu a makarantar firamare ta gwamnati, saboda dalili biyu. Na farko, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa karatun shekara tara na farko ya zama kyauta, saboda haka ba kuɗin makaranta ne ke korar maraya daga aji ba. Riga ce da ta yage, da takalmi, da littafin rubutu, da 'yan kuɗaɗen da ake karɓa nan da can. Waɗannan kuwa ƙarfinmu ya kai. Na biyu, aiki ne da ake iya dubawa, domin kowane aji yana da rajistar kiran suna.

Sai muka tura mutum uku kasuwa, biyu mata ɗaya namiji, suka tambayi farashi a kasuwar Monday da ta Gamboru, suka zauna da tela. Ga abin da suka kawo na yaro ɗaya a shekara, bisa farashin makon da suka zaga:

Kayan makaranta saiti biyu, yadi da ɗinki: 14,000
Takalmi: 4,000
Jaka: 4,000
Littattafan rubutu, biro da fensir na zango uku: 9,000
Ƙananan kuɗaɗen da ake karɓa a makaranta: 5,000

Jimla naira 36,000. In aka raba 864,000 da 36,000, yara 24 ke nan. Adadin ba daga zuciyar kowa ya fito ba, daga lissafi ya fito, shi ya sa ba mu mayar da shi 25 ko 30 don ya yi daɗin faɗa ba.

A nan ne muhawara ta yi zafi. Wata daga cikin iyayenmu mata ta ce, "'Ya'yana, yaron da ya fito da yunwa ba riga ce za ta zaunar da shi a aji ba." Gaskiya ta faɗa. Muka lissafa: naira 200 na karin kumallo, a kwanakin makaranta 180, naira 36,000 ne, daidai da kuɗin duk sauran kayan. Ma'ana in muka sa abinci, yaran za su koma 12. Aka daɗe ana kai da komo. Masu son abinci suka ce gara a riƙe kaɗan a riƙe su da kyau. Sauran suka ce kaya sau uku ake raba su a shekara, abinci kuwa kullum ne, yana buƙatar mai rabawa kowace safiya, mu kuma duk masu neman na kansu ne, ba mu da ma'aikaci ko ɗaya. Wannan hujja ta biyu ita ta yi rinjaye a ƙuri'a. Alkawari ba kuɗi kaɗai yake ci ba, yana cin lokacin mutane, kuma shi ma sai an lissafa shi. Muka tsaya a kan 24 ba tare da abinci ba, muka kuma amince mu rubuta hakan ɓaro-ɓaro, don kada wata uwa ta sa rai.

Wane ne maraya?

Kalmar da ta fi kowace sauƙin faɗa ita ta fi cin lokaci. A fahimtar malamanmu, maraya shi ne wanda mahaifinsa ya rasu bai balaga ba. Amma a Maiduguri akwai yaran da uba ya fita tun shekarun rikici, ba gawa ba labari. In muka tsaya a kan rasuwa kaɗai, mun rufe musu ƙofa. Sai muka rubuta cewa yaron da mahaifinsa ya rasu, ko ya ɓace sama da shekara biyu bisa shaidar Bulama da limamin unguwa, ya cancanta. Muka ƙara da cewa ya kasance mazaunin unguwarmu, mai shekara 6 zuwa 12, kuma a gidan da babu mai albashi ko tsayayyar sana'a. Ba a tambayar ƙabila, ba a tambayar addini, ba a tambayar ta yaya uban ya rasu. Aƙalla rabi su zama mata. 'Ya'ya da jikokin 'yan kwamiti ba sa shiga.

Da aka bi gida-gida, yara 61 suka cika sharuɗɗan nan, gurbi kuma 24. A irin wannan wuri ne ƙungiyoyi ke rasa mutuncinsu, don duk wanda bai samu ba zai ce an yi son kai, kuma in ba a rubuta ƙa'idar zaɓe tun kafin a ga sunaye ba, babu mai iya wanke kansa. Mu mun rubuta tamu tun kafin a fara zagaye: wanda ya riga ya daina zuwa makaranta shi ne gaba, yaro ɗaya daga kowane gida kafin a ɗauki na biyu, in an yi kunnen doki a jefa ƙuri'a a ƙofar gidan Bulama, a gaban iyaye. Sauran 37 aka shaida wa iyayensu baki da baki cewa suna jerin jira, kuma kowa ya san lambarsa. Faɗin hakan ba daɗi, amma ya fi a bar mutum yana zarya.

Abin da ke hannunmu da wanda ba ya hannunmu

Wani ɗan uwa ya kawo shawarar mu rubuta cewa duk yaran za su ci jarabawa. Ba mu rubuta ba, domin cin jarabawa ya rataya a kan malami, da lafiyar yaro, da halin gida, ba ɗaya da muke juyawa. Haka kuma ba mu tsaya a kan "za mu raba kaya" ba, don ana iya raba jaka yau a ɗauki hoto, gobe a ga yarinyar da farantin talla a bakin titi. Mun nemi abin da ke tsakiya: aikin da mu ne za mu yi shi, kuma yana taɓa zaman yaro a aji. Ga yadda alkawarin ya fito, kamar yadda yake manne a ƙofar ofishinmu:

Na ɗaya: a wannan shekarar karatu za mu ɗauki nauyin yara marayu 24 na unguwarmu a firamaren gwamnati, aƙalla 12 mata.

Na biyu: kowane yaro zai karɓi kayan makaranta saiti biyu, takalmi da jaka kafin makon farko na zangon farko ya ƙare, littattafan rubutu kuma a makon farko na kowane zango.

Na uku: ranar Alhamis ta ƙarshen kowane wata, mutum biyu daga cikinmu za su duba rajistar kiran suna da izinin shugaban makaranta. Yaron da ya yi fashin kwana biyar a jere, za mu je gidansu cikin mako guda.

Na huɗu: cikin mako biyu da rufe kowane zango za mu manna rahoto a ƙofar ofis, mu karanta shi a taro: nawa ya shigo, nawa ya fita, yara nawa ke zuwa aƙalla kwana huɗu cikin biyar, nawa suka daina da dalilinsu. Ba suna, ba hoton fuskar yaro.

Na biyar: ba mu ɗauki abinci, kuɗin asibiti, kuɗin haya ko jari ba.

Na shida: in ƙarfinmu ya ragu, za mu sanar da iyaye zango guda kafin mu janye, kuma ba za a ɗauki sabon yaro ba sai an tabbatar da na waɗanda ke ciki.

Na bakwai: mai ƙorafi ya kai wa Bulama ko shugabar matan unguwa, waɗanda ba 'yan kwamiti ba ne, za a ba shi amsa cikin mako biyu.

A ƙarƙashi muka rubuta "in sha Allahu". Amma ku lura, yana tafe ne tare da rana da adadi, bai maye gurbinsu ba.

Na biyar ɗin shi ya fi wa mutane nauyi a rubuta, don a al'adarmu ba a son a ce wa mabuƙaci a'a. Sai dai shi ke kare sauran shidan. Ranar da aka zo da mara lafiya da dare, zuciya za ta ce a taɓa kuɗin littattafai, a mayar daga baya. In aka yi haka sau uku, zango na biyu zai zo ba littafi. Saboda haka muka buɗe asusu na biyu daban, inda gudummawar azumi da ta 'yan uwa na nesa ke shiga. Daga nan ake taimakon gaggawa, gwargwadon abin da ke ciki, ba tare da alkawari ba. In ya yi kauri, taron mambobi ne zai yanke ko a ɗauko yara daga jerin jira, kuma sai an ga kuɗin shekararsu cif a ƙasa. Zakka kuwa ba ta shiga ko ɗaya daga cikin asusun biyu, tunda tana da mutanen da aka ƙayyade mata, ba a biyan kuɗin mota ko buga takarda da ita yadda aka ga dama; littafinta daban, da shawarar malamai.

Mun kuma yi tanadin abubuwa biyu da garin nan ya koya mana. Iyalai suna tashi, kamar yadda aka gani da aka rufe sansanin Bakassi a ƙarshen 2021 mutane suka koma garuruwansu. Don haka yaron da ya bar unguwa zai tafi da kayansa, gurbinsa kuma ya koma ga na gaba a jeri a farkon zango mai zuwa. Sannan makaranta kan iya rufuwa, kamar lokacin ambaliyar 2024 da wasu makarantu suka zama matsugunin jama'a. In haka ta faru, kuɗin yaran zai zauna a inda yake har a buɗe, ba mai juya shi zuwa wani aiki sai da amincewar taron mambobi.

Yadda za ku gane in abu ya fara lalacewa

Tunda mun ce a tuhume mu, ya kamata mu faɗi inda za a duba. Alamar farko ita ce jinkirin rahoto. Ƙungiyar da lissafinta ke daidai ba ta jin nauyin manna shi. In mako biyu ya zama wata guda, ku tambaya. Ta biyu, a ga rahoto ya cika da hotunan taro da jawaban godiya, amma babu adadin yaran da ke zuwa aji. Ta uku, a ga lissafi ya sauya suna, a daina cewa "yara 24" a koma cewa "mutane sama da ɗari sun amfana", an haɗa da iyaye da 'yan uwan gida. Ta huɗu, a ga rahoto zango bayan zango ba yaro ko ɗaya da ya yi fashi. A unguwar da ake zazzaɓin cizon sauro da damina, ake tura yara talla, wannan yana nuna ba a buɗe rajistar ba ne, ba wai komai lafiya ba.

Ga 'yan uwa masu irin ƙungiyarmu, akwai gwaji mai sauƙi da muka yi kafin mu manna takardar. Mun karanta wa iyaye mata uku da ba mambobi ba, da Hausa da Kanuri, muka tambaye su: me ɗanki zai samu, yaushe, in bai samu ba wa za ki gaya wa? Layin da suka kasa maimaitawa da bakinsu, shi muka sake rubutawa. Da farko na uku yana cewa za mu "bibiyi karatun yara". Ɗaya daga cikinsu ta ce, "Bibiya kamar yaya, Malam? Ku zo gida ko ku tsaya a makaranta?" Tambayarta ce ta haifar da ranar Alhamis, da kwana biyar, da mako guda.

Jimlar rajistarmu tana nan yadda take, ba mu goge ko harafi ba. Ita ce alƙibla. Amma abin da muke ɗauke da shi a bana yara 24 ne, da ranaku a kalanda da ba mu da damar mantawa, da iyaye 37 da ke jira sun san lambarsu. Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Mun auna namu kafin mu ɗora a ka. Rahoton zango yana ƙofar ofis ga mai son dubawa, littafin ma'aji kuma a buɗe yake ga kowane mamba ranar taro.

Allah Ya ba mu ikon cikawa, Ya jiƙan iyayen yaran nan, Ya zaunar da Borno lafiya. Amin.